ZARE: Ƙananan tambarin da ke bayan gwal da azurfa, da yadda ake gane ƙasar da kaya suka fito 🧵

1/
Yau tarihi za mu taɓa, amma sai kun ɗauko kayan aiki. Duk mai zobe, sarƙa ko awarwaro na gwal ko azurfa a kusa, a ɗauko a juya bayansa. A duba cikin zoben, ko wajen maƙallin sarƙar. Za ku ga wasu 'yan ƙananan rubutu da zane da ba su kai ƙwayar gero ba. Labarinsu ya haura shekara 700. Ku biyo ni a hankali, zaren da ɗan tsawo.

2/
Abin da ya jawo wannan zaren: bara mun zauna rabon gadon wata gwaggona, Allah Ya jiƙanta. Cikin kayanta akwai sarƙar gwal mai nauyin giram 20, wadda duk gidan ake kira "'yar Ingila", don mijinta ne ya sayo mata lokacin da ya je karatu can. An kusa yi mata kuɗi daidai da gwal ɗan Saudiyya. Tambarin da ke jikin maƙallin ne ya hana a cuci wata a cikin magada. Zan dawo kan sarƙar a ƙarshe.

3/
Mu fara da abin da ya fi ruɗar mutane. A kasuwa muna cewa ɗan Dubai, ɗan Saudiyya, ɗan Italiya, kamar gwal yana da fasfo. To cikakken tambari tambayoyi uku yake amsawa: wa ya ƙera ko ya kawo kayan, nawa ne tsantsar gwal ko azurfar da ke ciki, kuma wace hukuma ce ta gwada ta tabbatar. Sunan ƙasa daga amsa ta farko da ta uku ake ciro shi. Ta biyun ba ta da ƙasa.

4/
Bari mu sallami ta biyun tukuna, wato lamba. Tsantsar gwal karat 24 ne, amma ya yi laushi da yawa, shi ya sa ake haɗa shi da jan ƙarfe ko azurfa. Lambar da kuke gani tana nufin kashi nawa ne gwal cikin 1000:
916 = karat 22
875 = karat 21
750 = karat 18
585 = karat 14
375 = karat 9
A azurfa kuma an fi ganin 925 da 800.

5/
Kun ga ke nan idan aka ce muku "ai 750 ne, ɗan Italiya ne", an haɗa magana biyu da ba su da alaƙa. Ana buga 750 a Italiya, ana bugawa a Turkiyya, a Dubai, a Faransa, kuma maƙeri a Kano ma zai iya sayen ƙarfen buga lambar ya buga. Lamba da'awa ce kawai. Tambayar ita ce: wa ya tsaya mata shaida? Nan ne tarihin ya fara.

6/
Mu je Ingila, shekarar 1300, zamanin Sarki Edward na Ɗaya. A lokacin, kwanon azurfa da tsabar kuɗi kusan abu ɗaya ne. Mai hali zai narkar da kuɗi ya yi kwano, in talauci ya zo ya mayar da kwanon kuɗi. Maƙerin da ya ƙara jan ƙarfe a ɓoye, dukiyar mutane ya sata kai tsaye, kuma ido ba ya iya kama shi.

7/
Sai sarkin ya yi doka: duk kayan azurfa dole su kai tsarkin tsabar kuɗin ƙasar, wato kashi 925 cikin 1000. Shugabannin maƙera su riƙa zagayawa shago-shago suna gwadawa, wanda ya ci jarrabawa a buga masa kan damisa. Wannan kan damisar har gobe shi ne alamar Landan. Kuma 925 ɗin da kuke gani a zoben azurfa yau, ma'aunin nan ne na tsohon kuɗin Ingila.

8/
Da tafiya ta yi tafiya sai aka ga giɓi. In kaya sun fito da algus, wa za a kama? A 1363 aka wajabta wa kowane maƙeri ya sami tasa alamar. Da farko zane ne, kamar kifi ko tsuntsu, don ba kowa ya iya karatu ba. Daga baya aka koma haruffan farko na suna. Amsar tambaya ta farko ke nan: wa ya ƙera.

9/
A 1478 aka daina bin maƙera shago. Aka ce kowa ya kawo kayansa zauren ƙungiyar maƙeran gwal a Landan, Goldsmiths' Hall, inda aka ajiye ma'aikaci na dindindin mai gwaji. Kalmar holmak da Turawan Ingila ke kiran tambarin da ita daga nan ta fito, ma'anarta alamar zaure. A shekarar kuma aka ƙara harafi guda da ake canjawa duk shekara.

10/
Abin sha'awa, harafin nan ba don 'yan tarihi aka yi shi ba. An yi shi ne don in mai gwajin ya ci hanci ya wuce da mugun kaya, a san a shekarar wa aka yi. Mai gadi ma an sa masa mai gadi 😄. Amma yau shi ne ke ba mu damar ɗaukar cokalin azurfa mu faɗi shekarar da aka gwada shi, ko da ya shekara 400.

11/
Yaya ake gwajin? Hanya mai sauri ita ce a goga kayan a baƙin dutse, a kwatanta launin zanen da na gwal da aka san tsarkinsa. Masu gwal a kasuwanninmu har yanzu suna yi, da ɗigon asid. Hanya mai tabbas kuwa a kankaro ɗan kaɗan a auna, a naɗe da dalma, a narkar a ɗan kasko na tokar ƙashi. Kaskon ya tsotse dalmar da jan ƙarfen, a sake auna abin da ya rage.

12/
A 1544 aka ƙara zaki mai tafiya, ƙafarsa ɗaya ta gaba a ɗage. Lokacin ne Sarki Henry na Takwas ya shiga lalata tsabar kuɗin ƙasar da jan ƙarfe don ya biya buƙatunsa. Kuɗin sarki ya daina zama abin dogaro, sai zakin ya zama shaidar cewa wannan azurfar dai 925 ce. Ku riƙe shi da kyau: zaki mai tafiya a kan azurfa, galibi Ingila ke nan.

13/
Ga wani abin dariya. A ƙarshen ƙarni na 17 mutane sun matsa wa tsabar kuɗi da yanka da narkarwa suna sayar wa maƙera. Sai gwamnati ta yi dabara a 1697: ta ɗaga tsarkin kayan azurfa zuwa 958, sama da na kuɗi. Narkar da kuɗi ya daina isa. Aka cire zaki, aka sa hoton wata mace a zaune da ake kira Britannia. A 1720 aka dawo da 925, amma 958 ɗin bai mutu ba.

14/
Sai maganar gari. Birmingham ta zama cibiyar ƙira a ƙarni na 18, amma ba ta da ofishin gwaji. Wani babban mai masana'anta, Matthew Boulton, sai ya aika kayansa har Chester, tafiyar sama da kilomita 100 a kan doki da keken doki. Kaya su lalace a hanya, a makara, wasu kuma su kwafi zanensa. Ya dage a majalisa har aka ba Birmingham da Sheffield ofisoshinsu a 1773.

15/
Birmingham ta ɗauki anka, ƙugiyar ƙarfen nan da ake tsayar da jirgin ruwa da ita, alhali garin ba ya ko kusa da teku 😅. Sheffield ta ɗauki kambin sarauta. Ana ba da labarin cewa a wani gidan cin abinci na Landan mai sunan kambi da anka suke zaman shawara, suka raba sunan. Labarin baka ne, amma yana taimakawa wajen haddacewa.

16/
Ofisoshi da yawa sun rufe, kamar Chester a 1962 da Glasgow a 1964. Huɗu suka rage a Birtaniya yau:
Landan: kan damisa
Birmingham: anka
Sheffield: furen wardi, wanda ya maye gurbin kambi daga 1975
Edinburgh: gidan sarauta mai hasumiya uku
In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan a jere da lamba da haruffan suna, kayan sun ratsa hannun hukumar Birtaniya.

17/
Ba wasa suke da abin ba. A 1757 aka mayar da buga tambarin jabu laifin da hukuncinsa kisa ne. Daga baya aka sassauta zuwa korar mutum wata ƙasa mai nisa ya yi shekaru yana aikin wahala. Dalilin tsananin a bayyane yake: in tambari ɗaya ya yi ƙarya aka ƙyale, duk sauran sun zama ado kawai.

18/
Tarihin karat ma yana taimakawa wajen gane zamani. Sai a 1854 Birtaniya ta halatta karat 9, 12 da 15, don talaka ma ya sa gwal. A 1932 aka soke 12 da 15, aka kawo 14. Ke nan zobe mai tambarin Ingila da lamba 15 da .625, tsakanin 1854 da 1932 aka gwada shi. Karat 9 kuwa ya zauna daram, har yau shi ne gwal na yau da kullum a can. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi.

19/
Yanzu ga tarkon da ya fi kama mutane. Tambarin hukuma yana faɗin inda aka GWADA kaya. Bai yi alkawarin a nan aka ƙera su ba. Tun ƙarni na 19 kaya ke shigowa Birtaniya daga waje, ana gwada su ana buga musu tambari kamar na gida. Maƙeran gida suka yi ƙorafi, sai a 1867 aka ce a ƙara harafin F a kan duk abin da aka shigo da shi.

20/
A 1904 aka ƙara gaba: kowane ofishi ya sami alama ta daban don kayan waje. Birmingham, maimakon anka, sai ta buga ɗan zane mai kusurwa uku. Edinburgh ta buga alama mai kama da X. Wannan tsarin ya ci gaba har ƙarshen 1998. Daga 1999 aka daina bambantawa, harafin shekara ma ya zama ganin dama. Don haka ankar da aka buga bayan 1999 tana iya zama a kan sarƙar da aka ƙera a Tailan ko Indiya.

21/
Mu tsallaka Faransa, musamman don 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi, inda kayan Faransa suka fi yawo. Su nasu tsarin daban. Bayan juyin juya hali, a 1797, gwamnati ta karɓe aikin gwaji daga ƙungiyoyin maƙera. Alamomin da aka fi gani yau sun fara ne a 1838. Mafi yawansu hoto ne zalla, babu lamba babu harafin shekara.

22/
Kan mikiya: gwal karat 18, wato 750.
Kan wata mace sanye da hular yaƙi, Minerva: azurfa.
A ƙananan kayan azurfa na da, kan aladen daji yana nufin Paris, kaguwa kuma sauran garuruwa.
Har zuwa 1994 Faransa ba ta yarda a sayar da ƙasa da karat 18 da sunan gwal a cikin gida ba. Wata al'adarsu kuma, a zobe sau da yawa a bayan zoben ta waje suke bugawa, don haka in kun duba ciki ba ku gani ba, ku duba waje.

23/
Su ma suna da alamar baƙo. Daga 1893, ƙaramar mujiya a kan gwal tana nufin an gwada a Faransa, amma kayan daga waje suke ko ba a san asalinsu ba. Sai ku duba alamar maƙeri: in haruffan suna cikin gida mai siffar daiman ɗin kati, maƙerin Faransa ne. Mikiya tare da daiman, ɗan Faransa na asali. Mujiya kuwa baƙo ne da ya ratsa ta can.

24/
Sai Italiya, wadda sunanta ya fi yawo a bakin masu sayar da sarƙa. Nan akwai babban bambanci. A Ingila da Faransa hukuma ce ke bugawa. A Italiya kamfanin da kansa yake bugawa, da lambar rajistar da gwamnati ta ba shi. Tsarin rajistar ya fara a 1934. Daga dokar 1968 siffarsa ta zama haka: tauraro, sai lamba, sai haruffa biyu, duk a cikin ɗan gida mai tsawo.

25/
Haruffan biyun nan su ne lardin da kamfanin yake:
AR = Arezzo
VI = Vicenza
AL = Alessandria, inda garin Valenza yake
MI = Milan
FI = Florence
Ukun farko su ne manyan cibiyoyin gwal na ƙasar. Kamfanin da ya fara rajista a Arezzo ya sami 1 AR, har lambar ta zama sunansa, UnoAErre. Arezzo da Vicenza sun shahara da sarƙar inji.

26/
Ke nan ku lura: kalmar ITALY kaɗai a jikin maƙalli, ko ITALY 750, ba ta isa ba. Kowa na iya buga ta, kuma an cika ganinta a kayan da aka shafa wa ruwan gwal. Abin da za ku nema shi ne tauraron nan da lamba da haruffan lardi. Shi ma ɗin shaidar kamfani ce a kan kansa, ƙarfinsa bai kai na hukumar da ta gwada da hannunta ba. Amma wajen faɗin inda aka ƙera, ya fi na Ingila kai tsaye.

27/
To ina gwal ɗinmu na lefe, ɗan Dubai da ɗan Saudiyya? Abin da aka fi gani a jikinsu shi ne 21K ko 875, 22K ko 916, wani lokaci da alƙaluman Larabci kamar ٢١ ko ٨٧٥, tare da alamar kamfani. Karat 21 ya fi karɓuwa a ƙasashen Larabawa, 22 a Indiya da maƙwabtanta. Wannan yana nuna kasuwar da aka yi wa kayan. Dubai kasuwa ce da kaya ke shigowa daga Italiya, Indiya, Turkiyya da sauransu.

28/
Wato "ɗan Dubai" sau da yawa yana nufin a Dubai aka sayo. Ku juya maƙallin, kada ku yi mamaki in kun ga tauraro da AR. Biyu daga ƙasashen da ke da tambarin hukuma mai sauƙin ganewa: Masar, mai ƙananan gidaje da rubutun Larabci, da furen bado a kan azurfa tun 1946. Sai Indiya, mai alamar BIS mai kusurwa uku da rubutu irin 22K916, kuma daga 2021 an ƙara lamba mai haruffa da alƙaluma shida.

29/
Akwai kuma wata alama da ba ta ƙasa ɗaya ba ce: sikeli mai kwano biyu da lamba a tsakiya. Ta fito daga yarjejeniyar da wasu ƙasashen Turai suka sa wa hannu a Vienna a 1972, don kaya su tsallaka iyaka ba tare da sake gwaji ba. Sikelin yana cewa an gwada. In kuna son sanin ƙasar, ku duba alamar ofishin da ke gefensa.

30/
Mu ma muna da namu darasin a gida. Kuɗin azurfan nan mai hoton Maria Theresa, wanda kakanninmu ke kira liyari, mata suna ratayawa a wuya, maƙera suna narkarwa su yi mundaye. Kusan duk wanda za ku gani 1780 ne a jikinsa, shekarar da sarauniyar ta rasu. Amma an ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Vienna, har da Landan, Paris, Rum da Bombay. Rubutun jikin ƙarfe yana iya zama gaskiya game da tsarki, ya yi shiru game da gari da shekara.

31/
Haka kuma rashin tambari ba ya nufin jabu. Maƙeran farinmu na Kano, Bida da Agadas sun daɗe suna ƙira ba tare da ofishin gwaji ba, sunan maƙeri da amanarsa su ne shaida. Wasu maƙeran Agadas suna zana sunansu a baya da rubutun Tifinagh. A Birtaniya ma gwal da bai kai giram 1 ba, da azurfar da ba ta kai giram 7.78 ba, doka ba ta tilasta a buga musu ba.

32/
Yanzu mu koma sarƙar gwaggo. Na ɗauki hoton maƙallin da waya, na haska fitila daga gefe don inuwa ta fito da zanen, na zuƙo hoton. A ɗan farantin da ke kusa da maƙallin akwai jeri biyu. Na farko: tauraro, lamba mai alƙaluma uku, VI. Na biyu, a ɗaya gefen: haruffa biyu, sai 375, sai zane mai kusurwa uku, sai babban harafin L.

33/
Mu karanta tare. Tauraro da VI: an ƙera a lardin Vicenza, bayan 1968. Haruffa biyun jeri na biyu: kamfanin da ya shigo da ita Birtaniya ya kai ta gwaji. Kusurwa uku: ofishin Birmingham, alamar kayan waje. Da 'yar gida ce, da mun ga anka da ɗan kambi kusa da lambar, don daga 1975 gwal ɗin da aka ƙera a can yana ɗauke da kambi.

34/
Sai harafin. Daga 1975 duk ofisoshin huɗu suka koma harafi ɗaya: A ita ce 1975, B 1976, haka dai, suna tsallake J. In kun ƙirga, L ta faɗo 1985. Kuma ya yi daidai da shekarun da mijinta ya yi a can. Gargaɗi: haruffan suna zagayowa, L ta zo sau da yawa a tarihi. Salon rubutun da siffar gidan da ke kewaye da shi ne ke raba zagaye da zagaye.

35/
Ke nan "'yar Ingila" 'yar Italiya ce da ta ci jarrabawa a Birmingham. Amma abin da ya shafi gado shi ne 375, karat 9. Lissafi: giram 20 × 0.375 = giram 7.5 na tsantsar gwal. Da karat 21 ce kamar yadda aka zata, 20 × 0.875 = giram 17.5. Bambancin giram 10 cur. Wadda za a ba sarƙar a matsayin kasonta, da ta karɓi ƙasa da rabin abin da aka rubuta mata, kuma ba wanda ya yi niyyar cutarta.

36/
Duk da haka ba mu tsaya kan tambarin ba, mun kai wa mai gwal ya goga a dutse, a wajen maƙallin da kuma tsakiyar sarƙar. Dalili: ana iya cire maƙalli mai tambarin gaske a liƙa wa sarƙar banza. In launin maƙalli ya bambanta da na jiki, ko akwai tabon walda kusa da shi, ku yi hattara. Zoben da aka rage ko aka ƙara masa girma kuma yakan rasa rabin tambarinsa a wurin yankan.

37/
Wasu haruffan kuma da kansu suke gaya muku gaskiya, in kun san su. GP yana nufin shafen ruwan gwal. GF yana nufin siririn gwal da aka manna a kan wani ƙarfe. EPNS, da ake gani a tsofaffin cokula da tire na zamanin Turawa, shafen azurfa ne, kuma masu yin su sukan jera 'yan alamomi huɗu don su yi kama da na hukuma. In babu zaki babu alamar gari, ku ajiye zumuɗi. 18K GP ba karat 18 ba ne.

38/
Maganaɗisu yana kama jabun da ke da baƙin ƙarfe a ciki, amma tagulla da jan ƙarfe ba sa kama shi, don haka wucewa wannan gwajin ba shaida ba ce. Kuma ɗan zaren ƙarfen da ke cikin maƙalli yakan ja maganaɗisu ko a sarƙar gaske. Gogen dutse ma saman kaya yake gani, shafe mai kauri na iya yaudararsa. In kuɗin da yawa ne, a bari mai gwal ya ɗan kankara a wurin da ba ya nunawa.

39/
Ga jerin da nake bi, ku adana:
a) Nemo lambar tsarki, ka duba ko akwai GP ko GF a gefenta.
b) Nemo alamar hukuma: damisa, anka, wardi, mikiya, Minerva, BIS.
c) Duba ko alamar kayan waje ce: F, kusurwa uku, mujiya.
d) Nemo alamar maƙeri: tauraro da lardi, ko gidan daiman.
e) Harafin shekara a ƙarshe.
In (b) da (d) sun nuna ƙasashe biyu, (d) ce inda aka ƙera.

40/
Abu ɗaya da babu tambarin da zai faɗa muku: ramin da aka haƙo gwal ɗin. Gwal ana narkar da shi ana sake narkarwa, na Ghana da na Zamfara da tsohon zoben wata a Turai duk suna iya haɗuwa a tukunya ɗaya. Tambari tarihin ƙira da gwaji yake riƙewa, iyakarsa ke nan.

41/
Nan zan tsaya. Kafin a yi wa gwal kuɗi a rabon gado, ko lefe, ko jingina, a juya bayansa a karanta, sannan a gwada. Wanda ya ga wata alama a nasa bai gane ba, ya ɗauki hoto da haske daga gefe ya ajiye a ƙasa, mu duba tare. Maƙallin kawai za ku ɗauka don Allah, kada ku nuna wa duniya duka akwatin Hajiya 😄. Allah Ya jiƙan magabatanmu.